Gidaje, kifaye, birane: ɗafi ɗaya ne ko uku?

Zainab: Assalamu alaikum malamai. Ina da tambaya a kan jam'i. Muna cewa gida, gidaje. Muna cewa kifi, kifaye. Muna kuma cewa birni, birane. Idan aka ce mutum ya fitar da ɗafa-ƙeyar kowanne, sai ya rubuta -je, da -ye, da -ne, ko kuwa yaya? Na farko da na biyu kamar sun yiwu, amma -ne ɗin birane bai kwanta min ba, tun da n ɗin tana nan a birni tun kafin a yi jam'i.

Nasiru: Wa alaikumus salam. Ai ɗafi uku ne daban-daban. -aje na gida, -aye na kifi, shi kuma birane ɗafa-ciki ne, an cusa a tsakanin r da n. Haddace su kawai ake yi, kowace kalma da nata.

Malam Habibu: Nasiru, a kan birane ka kama hanya, amma maganar hadda ban yarda da ita ba. Idan -aje ɗafi ne mai zaman kansa, to sai mu ce -are na wurare ma ɗafi ne, -ashe na ƙasashe ɗafi ne, -ame na damame ɗafi ne, -aƙe na baƙaƙe ɗafi ne. Kafin mu gama sai mu tara ɗafi kusan yawan baƙaƙen Hausa, kuma kowanne sai ya faɗo daidai kan kalmar da saiwarta ta ƙare da wannan baƙin. Abin da ya yi ta maimaituwa haka ba sa'a ba ce.

Ɗafin ɗaya ne. Wasula biyu ne, dogon a da dogon e, da gurbin baƙi guda a tsakaninsu wanda ɗafin bai zo da shi ba. Karin sautinsa kuma ba ya sauyawa: sama, ƙasa, sama. Ki furta gidaje, kifaye, birane a jere, Zainab, za ki ji waƙarsu ɗaya ce. Abin da ya rage shi ne wane baƙi zai zauna a gurbin nan, kuma saiwar kalmar ce ke yanke hukunci.

Ga yadda ake bi. Da farko a cire wasalin ƙarshe na tilo, a ga abin da ya rage. Birni ya bar birn, baƙaƙe uku ke nan, b da r da n. Na ukun ba shi da wurin zama sai gurbin, sai ya shiga: bir-a-n-e. Haka jirgi ya ba da jirage, kasko ya ba da kasake, gulbi ya ba da gulabe. Wuri kuwa ya bar wur, baƙaƙe biyu kacal, kuma wasalin u gajere ne. Babu na uku da zai cike gurbin, sai a kwafi na biyun a sake sa shi: wur-a-r-e. Kifi shi ma baƙaƙe biyu ya bari, sai dai wasalinsa na farko dogo ne, kiif. A nan ba a kwafi, y ake sakawa: kif-a-y-e.

Zainab: Allah ya gafarta malam, to ai da haka ne gidade za mu samu, ba gidaje ba.

Malam Habibu: Daidai, gidade ɗin za a samu, kuma nan ne wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau. Aikin mataki biyu ne. Mataki na farko kwafi: gid ya zama gid-a-d-e. Mataki na biyu ganɗantawa: d ɗin da aka kwafo yanzu ta sami kanta gaban e, wasalin gaba, wanda harshe ke ɗagawa wajen ganɗa a furta shi. Sai d ta bi shi can ta koma j. Ita kuwa d ta asali tana gaban a, babu abin da ya taɓa ta. Shi ya sa a kalma ɗaya ake ganin d da j, alhali baƙi ɗaya ne sau biyu.

Baƙaƙen da wannan ke samu su ne t ta koma c, s ta koma sh, z ta koma j, d ta koma j, w ta koma y, duk a gaban i ko e. Ƙasa ta bi ta ƙasase ta fito ƙasashe. A jam'in -o-i ma haka abin yake, mota ta bi ta mototi ta fito motoci, ƙusa ta fito ƙusoshi, kasuwa ta fito kasuwoyi.

Jerin matakan ba a juya shi. Da ganɗantawa ce ta riga, da ta zo ta tarar da gid da a a gabanta, ba ta da aikin yi, ta wuce. Kwafi ya zo daga baya ya bar mu da gidade har abada.

Malama Rabi: Bari in ƙara abu ɗaya kafin a ba da aiki, don nan ne ɗalibai ke faɗuwa. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. Fage da suna duk haruffa huɗu ne, baƙi, wasali, baƙi, wasali. Wanda ya dogara da ido zai ce ƙirarsu ɗaya. Kunne ne zai gaya maka fa ɗin fage gajere ne, su ɗin suna kuma dogo, suunaa. Saboda haka duk wanda zai yi aikin nan ya ninka dogayen wasula a takardarsa tukuna.

Sannan ba dogon wasali kaɗai ke jawo y ba. Idan baƙaƙen tsakiya biyu irin waɗanda ba sa rabuwa ne, wato baƙi mai ninki kamar mm, ko ɗan hanci da baƙin da ya jingina da shi kamar ng, ba a raba su a cusa a. Bango ba ya zama banage. Ana barinsu a haɗe a sa y, bangaye.

Malam Habibu: Madalla. To ga aiki na farko. A kawo jam'in kowace kalma, a kuma faɗi ta wace hanya aka cike gurbin, ko baƙi na uku, ko kwafi, ko y:

1. wuƙa
2. zomo
3. kwalba
4. gado
5. gammo
6. aska
7. fage
8. suna
9. bisa, wato dabba
10. ruwa

Nasiru: Wuƙaƙe, kwafi. Zomaye, y, saboda zoomoo. Kwalabe, baƙi na uku. Gadaje, kwafi da ganɗantawa. Gammaye, y, saboda ninki. Aska na ɗan tsaya, don baƙaƙe biyu nake gani, s da k, amma jam'in asake ne, ba askake ba. Fagage, kwafi. Sunaye, y. Bisashe, kwafi, s ta koma sh. Ruwaye, y.

Malama Rabi: Kalmomin goma duk ka kawo su daidai, bayanin biyu ne ke da gyara. Aska baƙaƙe uku gare ta. Babu kalmar Hausa da ke farawa da wasali a furuci, akwai hamza a gaban a ɗin, rubutu ne kawai ba ya nuna ta a farkon kalma. Hamza, s, k. Ƙirarta ɗaya da kasko.

Na goma kuma sake duba shi. Ru ɗin ruwa dogo ne ko gajere?

Nasiru: Gajere ne, Malama. To ashe ka'idar ta karye, tun da gajere ne kuma ya ɗauki y.

Malama Rabi: Ba ta karye ba, tarko ne Malam ya ɗana maka. Bi matakan. Saiwa ruw, wasali gajere, saboda haka kwafi: ruw-a-w-e. Yanzu w tana gaban e. Me w ke komawa a nan?

Nasiru: Kai! Y. Wato y ɗin ruwaye ba ita ce y ɗin kifaye ba.

Malam Habibu: A kunne ɗaya suke, a asali daban. Ta kifaye saka ta aka yi don cike gurbi, ta ruwaye w ce da ta sauya kama, irin wadda ke cikin ɓarawo, ɓarayi da bawa, bayi. Wannan shi ya sa ba a fara nazari daga jam'i a yanko abin da ke ƙarshe a kira shi ɗafi. Daga saiwa ake tasowa.

Alhaji Garba: Salamu alaikum. Na ga ana maganar ƙarshen kalma. Ni abin da ke damuna shi ne yadda yaran yanzu suka lalata rubutu. Sai ka ga an rubuta motan Audu, rigan Binta, wani ma gidam Bala. Wasu kuma ko a baki sai su ce rigas sarki. Ina r ɗin ta tafi? Ya kamata malamai su tsawata.

Malama Rabi: Sannu da zuwa, Baba Alhaji. Ba rubutu muke tattaunawa ba, amma misalanka sun shigo cikin maganar sosai, sai dai abubuwa uku ne ka haɗa a kwando ɗaya.

Gidam Bala, a baki, shi kowa ke faɗi, har da kai, ranka ya daɗe. Gwada furta gidan Bala da saurin magana ka lura da leɓɓanka. Suna rufewa tun kafin ka kai ga b. Mahaɗin -n ba shi da wurin furuci na kansa idan wani baƙi na biye da shi, aron na maƙwabcinsa yake yi. Gaban b, ɓ, f da m yana zama m: gidam Bala, gidam Fati, gidammu. F ta shiga jerin ne domin tamu da leɓɓa biyu ake yin ta. Gaban k, g, ƙ, w, h da hamza yana komawa can baya wajen hanɗa, irin sautin da ke tsakiyar bango, kamar a gidan Kande, gidan Hassan, gidan Audu. Gaban t, d, s, z, ts yana nan a n ɗinsa. Gaban l da r kuwa sau da yawa narkewa yake gaba ɗaya, shi ya sa Ɗanladi ke fitowa Ɗalladi, son rai ya fito sor rai. Ka'idar rubutu ta ce a rubuta n a duk waɗannan, don mai karatu ya gane ɗafi ɗaya ne. Wanda ya rubuta gidam Bala ya yi kuskuren rubutu, amma kunnensa lafiya lau.

Rigas sarki ma naso ne, wato sauti ya ɗauki kamannin maƙwabcinsa, kuma ba na yaran yanzu ba ne. Mahaɗin mace asalinsa ta. Wasalin ya faɗi, t ta rage a ƙarshen gaɓa, wurin da Hausa ba ta barin t ta zauna. Ko dai ta koma r, ra-gare, ko ta rikiɗe ta zama baƙin da ke biye: rigas sarki, rigab Binta, motak Kabiru, rigakka, rigassa. A karin harshen yamma, wajen Sakkwato da Katsina, wannan ninkin shi ne gama-gari, a Kananci ma ana jin sa a maganar yau da kullum. Shaidar asalin tana bakin kowa: idan abin nawa ne, cewa nake rigata, gidana. Ga ta da na nan cikakku, ba su yanke ba.

Motan Audu da rigan Binta ne kaɗai ba naso ba. Babu yadda maƙwabtaka da hamza ko b za ta mai da r ta zama n. Wannan zaɓen ɗafi ne: a wasu karuruwan, kamar Zazzaganci da Bausanci, bambancin jinsi ya yi rauni, -n ta mamaye wurin -r. Maganar nahawu ce da karin harshe. A daidaitacciyar Hausa motar Audu za a rubuta.

Alhaji Garba: To na ji na gidam Bala, na gwada, haka ne. Amma rigas sarki har yanzu a kunnena kasala ce. Mutum ya buɗe baki ya faɗi r ɗinsa.

Malama Rabi: A karanta labarai ko a gaban aji, ina tare da kai. Sai dai kasala ba ta da tsari, wannan kuwa yana da shi. Ba za ka taɓa jin wani ya ce rigak sarki ko rigas Binta ba. Kullum baƙin da ke biye ne ake ninkawa, ba wani ba.

Zainab: Malama, game da -r ɗin nan. Gwamnati mace ce, muna cewa gwamnati ta ce. Me ya sa ake cewa gwamnatin jiha, ba gwamnatir jiha ba?

Malama Rabi: Domin -r sharaɗi biyu take nema a tare: kalmar ta zama mace, kuma ta ƙare da a. Idan ɗaya ya ɓace, -n ce ke zuwa. Gwamnati mace ce amma da i ta ƙare. Kalmar mace kanta ma haka, macen kirki ake cewa. Gida ya ƙare da a amma namiji ne, gidan. Kin ga a nan wasalin da ya zo kafin ɗafin ne ya zaɓe shi, sannan baƙin da ke biye da shi ya sauya masa furuci. Matsi daga ɓangare biyu.

Shi ma ɗafin yana ramawa a kan kalmar. Da zarar -n ko -r ta rufe gaɓar, dogon wasali ba ya iya zama, gidaa ya koma gidan da gajeren a, riigaa ta koma riigar. Tagwan wasali yakan zubar da rabinsa na biyu: kai ya ba da kansa, rai ya ba da ransa, mai ya ba da man, kyau ya ba da kyan gani. E da o kuma idan suka gajarce a rufaffiyar gaɓa sukan karkata zuwa a, shi ya sa ake yawan ganin an rubuta karan Musa ana nufin karen Musa. Wannan kuskuren yana da illa, don kara ma kalma ce.

Malam Habibu: Aiki na biyu, a kan wannan. A rubuta yadda ake furta su da saurin magana, ba yadda ake rubutawa ba: ɗan Bello, ɗan Garba, ɗan Larai, hular Sani, hularku, zoben Maryam. Sannan a haɗa mahaɗi da waɗannan: kibau, asibiti, tasha.

Zainab: Ɗam Bello. Ɗan Garba da n ta hanɗa. Ɗal Larai. Hulas Sani ko hular Sani. Hulakku ko hularku. Zobem Maryam, ko ma zobam Maryam idan e ɗin ta karkata. Sai kiban, asibitin, tashar.

Malam Habibu: Babu gyara. Tun da asibiti ta shigo, bari mu koma kan ganɗantawa da ita, don akwai abin da na faɗa ɗazu da ke bukatar iyaka.

Ɗanjuma: Dama shi nake jira, Malam. Kun ce s gaban i tana zama sh, t gaban i tana zama c. To asibiti fa? Ga si, ga ti, babu wanda ya ce ashibici. Siminti, tebur, tiyata, fenti, duk haka. Ni a ganina ka'idar nan ta tsofaffin kalmomi ce, ta riga ta mutu. Kalmomin aro ba ruwansu da ita.

Malam Habibu: Rabin maganarka gaskiya ne. Kawo min jam'in asibiti.

Ɗanjuma: Asibitoci.

Malam Habibu: To daga ina c ta fito, idan ka'idar ta mutu? Kwamiti, kwamitoci. Ofis, ofisoshi. Waɗannan duk aro ne, kuma ba tsofaffi ba. Abin da ya mutu shi ne hana ti da si zama a cikin kalma. Hausar yau tana karɓar su yadda suka zo, ba ta taɓa su. Amma idan aka zo wurin haɗa saiwa da ɗafi, ganɗantawa tana nan da ranta. A asibiti, ti ɗin da kalmar ta zo da shi ne. A asibitoci, t ɗin kwafowa aka yi aka ajiye gaban i na ɗafi, sai ta koma c. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a kiran abin tsarin sauti zalla. Sauti ne ke sauyawa, amma sai ƙirar kalma ta buɗe masa ƙofa.

Inda ka'idar ke da rauni da gaske shi ne d. T, s da z kusan ba sa kuskurewa. D kuwa takan tsaya, musamman bayan n, kamar tanda, ya tande. A kalmar aro irin oda za ka ji masu cewa odoji da masu cewa ododi. Ɗ ba ta sauyawa sam, kuɗi, kuɗaɗe. Ts ma a daidaitacciyar Hausa tana nan, tatsa, ya tatsi, ko da yake a karin yamma tana ganɗantuwa, yadda ake jin mutanen Katsina na furta sunan garinsu.

Ɗanjuma: Na karɓi asibitoci. Amma ododi ta nuna cewa abin yana ja da baya, ko ba haka ba?

Malam Habibu: A kan d, mai yiwuwa. A kan sauran ban ga alama ba.

Aiki na uku. Wannan ɗafin yana kwafar baƙi kuma ya ninka shi, kamar ɗaure, ɗaurarre, ɗaurarru. A kawo na namiji da na jam'i daga rubuta, fasa, gudu, ciza, haɗa.

Nasiru: Rubutacce, rubutattu. Fasasshe, fasassu. Gudajje, gudaddu. Cizajje, cizaddu. Haɗaɗɗe, haɗaɗɗu.

Malama Rabi: Na huɗu, cizazzu. Kuma kuskuren naka mai amfani ne, don ya nuna daga inda ka taso. Ka ɗauki cizajje ka mai da jj baya, ka bi sawun gudajje, gudaddu. Amma j mahaɗar hanya biyu ce, d na zuwa nan, z ma na zuwa. Daga j ba za ka iya sanin wace ce ba, sai ka nemi wata siffar kalmar inda baƙin ke gaban a, o ko u. Kaji daga kaza, z ce. Gidaje daga gida, d ce. Ya ciji yaro daga ciza, ya gaji mahaifinsa daga gada.

Wani lokacin tilon ne ma ke ɗauke da sauyin, jam'in ya tona asali. Hanci, hantuna: saiwar hant ce, i ɗin tilo ne ya mai da t ta zama c. Maciji, macizai. Bahaushe, Hausawa. Wanda ya ɗauka tilo ne kullum asali zai rasa yadda zai yi da waɗannan, don babu ka'idar da ke mai da c ta zama t gaban u. Gwajin shi ne a duba ko baƙin na tsayawa a gaban a. Tasha tana da sh gaban a, saboda haka sh ɗin tata ce ta asali, jam'in ma tashoshi, sh sau biyu. Ƙusa kuwa s ce, shi ya sa ƙusoshi ke da s a farko, sh a ƙarshe.

Zainab: To farke, fatake fa? Bisa matakan Malam farake ya kamata.

Malam Habibu: Kin kawo mai daɗin. Saiwar fatk ce. A jam'i a ta shiga tsakanin t da k, t ta sami wasali a gabanta ta tsira, fatake. A tilo t ta faɗo ƙarshen gaɓa, fat-ke, sai abin da ya sami ta ɗin mahaɗin mace ya same ta, ta koma r. A yamma l take komawa, falke. Wannan na cikin sauye-sauyen ƙarshen gaɓa da ake kira dokar Klingenheben, da sunan Bajamushen da ya bayyana su a ƙarshen shekarun 1920. A ƙarƙashinta baƙin hanɗa a ƙarshen gaɓa yakan koma u, kamar talaka, talauci. Na leɓe ma haka a Kananci, shi ya sa sauro yake sabro a yamma.

Ga na ƙarshe, a warware shi mataki-mataki: buzu, bugaje.

Nasiru: Bari in gwada. Jam'in yana da b, g, j. J tana gaban e, saboda haka ko d ce ko z. Tilo yana da z gaban u, to z ce. Saiwa bugz. Jam'i: bug-a-z-e, z ta koma j, bugaje. Tilo: bug-zu, g a ƙarshen gaɓa ta koma u, ta haɗu da u na farko, buuzuu.

Malam Habibu: Ka gama shi. Taushi na kiɗa, tafashe, ma haka za ka bi da shi, saiwa tafs, sai dai a can sh ta fito a tilo da jam'i duka, don i da e duk na gaba ne.

Ɗanjuma: Amma Malam, mutane da yawa buzaye suke cewa.

Malam Habibu: Suna cewa, kuma ba su yi kuskure ba. Mai magana a yau ba ya jin g a buuzuu, dogon wasali yake ji da baƙaƙe biyu, ƙirar kiifii sak. Sai ya ba shi y. Bugaje an gina shi a kan tsohuwar saiwa, buzaye a kan sabuwa, ka'idar ɗafin kuwa ɗaya ce a duka biyun.

Zainab: Akwai wadda ta ƙi shiga ko'ina. Gwani. Gwa ɗin gajere ne, baƙaƙe biyu, ya kamata a kwafi n a ce gwanane. Amma gwanaye muke cewa, kuma n ba ta komawa y.

Malam Habibu: Wannan ta fita daga ka'idar, ba zan lanƙwasa ta da ƙarfi ba. A lissafa ta a matsayin togaciya.

Malama Rabi: Ni ina ganin ta fi togaciya. -aye yana neman zama ɗafi mai cin gashin kansa, musamman a kalmomin da ke nufin mutane: angwaye, bebaye, dogaye, buzaye. Idan suka yi yawa a kunne, mai magana zai iya ɗaukar -aye ɗungurungum ya liƙa wa gwani ba tare da ya auna gaɓar farko ba.

Malam Habibu: Duk huɗun da kika kawo gaɓarsu ta farko mai nauyi ce, Malama, ka'idar ta riga ta ba su y. Kuma fari da baƙi ana siffanta mutane da su, ba su zama faraye da baƙaye ba. Kafin in yarda -aye ya balle, sai na ga kalmomi masu gajeren wasali da yawa sun bi gwani, ba ita kaɗai ba.

Malama Rabi: To aiki na biyar ke nan, kuma na kowa ne har da mu. A nemo kalmomi masu gaɓa biyu, ta farko baƙi da gajeren wasali, waɗanda jam'insu ya ƙare da -aye. A cire duk wadda saiwarta ta ƙare da w ko y, don irin su uwa, uwaye 'yan gidan ruwaye ne. A ninka dogayen wasula kafin a turo, kada wani ya kawo mana ɓeraye.